Alat biyu a wata ɗaya: 8,600 da 25,800, cuta ce ko lissafi?

Maman Ummi (Unguwar Dosa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu kan lissafi ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Kamfanin da ke ba mu intanet a shago, inda muke buga takardu da cike fom, sai wata ya ƙare suke cire kuɗinsu daga katina. Kullum alat ɗaya nake gani, naira 25,800. Ranar ɗaya ga Oktoban nan sai ga alat biyu a jere, na farko 8,600, na biyu 25,800. Na san cikin Satumba na ce a mayar da ni babban tsari saboda kwamfutocin shagon sun ƙaru, amma yaron da na yi magana da shi ya ce min sai wata mai zuwa zan ga cikakken sabon farashi. To tunda sun cire 25,800 ɗinsu kamar yadda suka saba, wannan 8,600 kuma na mene ne? Na rubuta musu, ga amsar da ma'aikacinsu ya aiko min, ban rage komai ba:

> Hajiya, barka da war haka, kuma mun gode da haƙurinki. Na buɗe asusunki na duba. Ba a cire miki kuɗin wata sau biyu ba. Watan Satumba ne ya rabu gida biyu, saboda canjin tsari da aka yi miki ranar 11 ga wata.
>
> Daga 1 zuwa 10 ga Satumba kina kan ƙaramin tsari na naira 24,000 a wata. Satumba kwana 30 ne, don haka kowace rana ta kama naira 800, kwana goma kuma 8,000. Da aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 600, sai ya zama 8,600 da kika gani.
>
> Daga 11 zuwa 30 ga wata kina kan babban tsari na naira 36,000. Rana ɗaya 1,200 ke nan, kwana ashirin 24,000, haraji 1,800, ya tashi 25,800. Na san nan ne abin ya rikitar da ke, don ya zo daidai da abin da kika saba biya. Dacewa ce kawai. Wannan ba kuɗin tsohon tsarinki ba ne na wata guda, kuɗin sabon ne na kwana ashirin.
>
> Dalilin da ya sa alat ɗin ya zo biyu shi ne ranar da aka yi canjin, kwamfutarmu ta rufe tsohon tsari da rasit ɗinsa, ta buɗe sabo da nasa rasit, kowanne kuma daban ake cire shi. Gaba ɗaya abin da kika biya na Satumba 34,400 ne. Na Oktoba zai zo guda ɗaya, naira 38,700 har da haraji. Idan a ganinki ranar canjin ba 11 ba ce, ki sanar da ni mu sake dubawa tare.

Na karanta har na gaji. Bayanin kamar ya shige ni, kamar bai shige ni ba. Gaskiya ya faɗa ko dabara ce?

Abba Kawo: Wa alaikumus salam Anti. Dabara ce wallahi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowa ya samu ƙofa. Kar ki tsaya jan magana da su, ki kira 622, layin koke na NCC, ki kai ƙara.

Baban Sadik (Rigasa): Irin haka ta faru da ni a wani gidan mai. Mai POS ya ce bai shiga ba, ya sake sa katin, ashe duka biyun sun fita. Sai da na je banki na cike fom aka dawo min da ɗaya bayan an sha fama. Hajiya ki je bankinki da safe tun kafin layi ya yi tsawo.

Zainab Malali: Baban Sadik, Allah ya ƙara girma, naka daban ne da nata. Kai adadi ɗaya aka cire maka sau biyu, a wuri ɗaya, a kan abu ɗaya. Ita kuwa adadin biyu sun bambanta, kuma kowanne da rasit ɗinsa. Idan ta je banki abin da za su ce mata shi ne kamfanin ne ya nemi kuɗin sau biyu kuma ita ta ba shi izinin cirewa, ta koma can. Za ta ɓata safiyarta ne kawai.

Anti Maman Ummi, ni ma aikina ke nan a wani kamfanin, amsa koken kwastomomi, kuma irin wannan tambayar ba ta yankewa a farkon wata. Ki ɗauko mana hoton rasit ɗin guda biyu, ki rufe sunanki da lambar asusu. Layin da ke nuna ranaku nake son gani.

Maman Ummi: To Zainab, ga abin da ke jiki, Ummi ta kwafo min:

```
01 Sep - 10 Sep    8,000.00   VAT   600.00
11 Sep - 30 Sep   24,000.00   VAT 1,800.00
```

Malam Nura Akawu (Tudun Wada): Ai abin a fili yake Hajiya, kuma ke kika fi shi gaskiya a fahimtarki ta farko. Sun cire kuɗin watanki na da, 24,000. Sai kuma cikon da ke tsakanin tsari biyun: 36,000 a cire 24,000, saura 12,000. Tunda kwana ashirin cikin talatin kika yi a babban, kashi biyu cikin uku na 12,000 za ki cika, wato 8,000. Ga 8,000 ɗinki nan. Ciko ne kawai. Yaron ya zagaya da ke ne a banza.

Abba Kawo: To ka ga ni. Akawu ya ce ciko, kamfani ya ce kwana goma. Bakinsu ma bai zo ɗaya ba.

Zainab Malali: Malam Nura, lissafinka daidai ne, jimlar ma ta fito daidai, amma ba shi ne abin da ke rubuce a rasit ba. Dubi layin farko: 8,000 ɗin an ɗaura shi ne da ranakun 1 zuwa 10, lokacin ko maganar babban tsari ba a kunna ba. Ba zai zama ciko ba. Abin da ya faru shi ne lambobin Anti sun yi wata irin haɗuwa da ba kasafai ake samu ba. Kwana goma a ƙaramin tsari 8,000 ne, cikon kwana ashirin shi ma 8,000 ne. Kwana ashirin a babban tsari 24,000 ne, cikakken wata a ƙarami shi ma 24,000 ne. Shi ya sa kowa ya kalla sai ya ga abin da ya saba gani.

A gwada da wata rana daban a gani. Da a ce ranar 16 aka yi canjin, kwana sha biyar-sha biyar ke nan. Rasit na farko zai nuna 12,000, na biyu 18,000, jimla 30,000. Ta hanyarka kuma Malam, 24,000 ne da cikon 6,000, jimla dai 30,000. Ka ga jimlar ba ta canzawa, amma babu 24,000 ko 6,000 a jikin rasit ko ɗaya. Hanyarka tana da amfani sosai wajen gwada su, don in ka bi ta jimlar ta ƙi haɗuwa da tasu, to akwai magana. Sai dai in Anti ta kira su tana cewa ina bayanin cikon 8,000 da kuka cire, wanda ya ɗauki wayar zai duba ya ce babu wani ciko a asusunki, a sake komawa farko.

Malam Nura Akawu: Na ji. Amma ni a littafina ko ta ina aka bi, 32,000 ne kafin haraji. Kuma har gobe ina ganin hanyata ta fi sauƙin shiga kan mutum. Me ya hana su rubuta haka?

Zainab Malali: Wasu haka suke rubutawa, musamman masu karɓar kuɗi tun farkon wata. Na Anti sai ƙarshen wata suke karɓa, babu wani 24,000 da ta riga ta biya balle a ce ta yi ciko a kansa. Abin da ta yi amfani da shi suke ƙirgawa, kwana kaza a wannan farashi, kwana kaza a wancan.

Abba Kawo: Tsaya Zainab, na kama su. Daga 11 zuwa 30. Talatin a cire sha ɗaya sha tara ne, ba ashirin ba. Sun ci mata kwana ɗaya, naira 1,200 cif. Ku buga a kalkuleta.

Malam Nura Akawu: Abba, ƙirga da yatsunka. Ita ranar 11 ɗin ba rana ba ce? Sha ɗaya zuwa ashirin kwana goma, ashirin da ɗaya zuwa talatin wasu goman. In ka ce sha tara, goma da sha tara ashirin da tara ne, ka nuna min inda ranar talatin ɗin Satumba ta shige.

Abba Kawo: To shi ke nan, amma dai ban yarda da su ba.

Zainab Malali: Rashin yardarka ba laifi ba ne, wurin da kake dubawa ne ya kamata ka gyara. Inda ake samun kuskure na gaske shi ne ranar canjin ta fito a layi biyun, misali 1 zuwa 11, sannan 11 zuwa 30. Ka haɗa kwanakin sai ka ga 31 a watan da ke da 30. Nan an biya rana ɗaya sau biyu, kuma yana faruwa, musamman idan da hannu wani ya shigar da canjin. Ko a nan ma ba a saurin yanke hukunci, don akwai manhajojin da ba da kwana suke ƙirga ba, da awa suke yi, wasu har da daƙiƙa. A irinsu za ka ga 11 a layi biyun, amma safiyar ranar tana tsohon tsari, yammacinta tana sabo. Alamarsu ita ce kuɗin ba ya fitowa cif, sai ka ga ya zo da 'yan kwabbai a wutsiya. Na Anti ya tsaya a 10 ya tashi daga 11, kuɗin kuma cif yake, babu rana da aka maimaita.

Abu na biyu da nake fara dubawa kafin ma in taɓa kalkuleta: jimlar dole ta faɗa tsakanin tsohon farashi da sabo. Tsohon da haraji 25,800, sabon 38,700. Ta biya 34,400, yana tsakiya, kuma ya fi karkata wajen sabon, daidai da yadda ta fi daɗewa a kansa. Da jimlar ta haura 38,700, ni da kaina zan ce ta ɗaga waya yanzu.

Maman Ummi: Allah ya yi miki albarka Zainab, yanzu na ga inda 8,600 ya fito. Abin da bai kwanta min ba shi ne maganar yaron farko. Da bakinsa ya ce sai wata mai zuwa. Ni na ɗauka Satumba gaba ɗaya a tsohon farashi zan biya, sauran kwanakin kamar ɗanɗano ne.

Zainab Malali: Me ya ce daidai, Anti? Sabon farashi, ko cikakken sabon farashi?

Maman Ummi: Cikakken ya ce. A waya ne, ba a rubuce ba.

Zainab Malali: To bai yi ƙarya ba, amma bai gama magana ba, kuma a wurina wannan gazawarsa ce. Cikakken 38,700 sai na Oktoba, gaskiya ne. Abin da ya rage ya ƙara shi ne: amma na Satumba ma zai ɗan hau, kuma zai zo kashi biyu. Jimla ɗaya ce, da ya faɗe ta da duk wannan bai taso ba. Masu sayarwa sukan tsallake ta don kar kwastoma ya ce bari sai farkon wata. Mu da ke amsa koke mu muke kwasar faɗan daga baya.

Alhaji Ɗanlami (Barnawa): Ina biye da ku tun ɗazu. Ni nawa ya fi na Hajiya ban haushi. Manhajar da nake lissafin kaya da ita a shagona, tun farkon wata nake biya. Na ƙara tsari a tsakiyar wata, sai rasit ya zo da layi biyu, ɗaya da alamar cirewa a gabansa, ɗaya babu. Na ɗauka za a dawo min da na farkon a asusuna na banki. Na jira shiru. Har yau ban ga ko sisi ba.

Zainab Malali: Ranka ya daɗe Alhaji, ba za ka gan shi a banki ba, don an riga an ba ka shi a cikin rasit ɗin. Bari in ara lambobin Anti in nuna maka, haraji a gefe. A ce tun ranar 1 ta biya 24,000 na wata guda. Ranar 11 ta canza. Saura kwana ashirin da ta biya ba ta ci ba a ƙaramin tsari, 800 sau ashirin, 16,000. Shi ne layin da ke da alamar cirewa, kuɗinta ne da ke hannunsu. Sai a rubuta mata kwana ashirin na babban tsari, 24,000. A cire 16,000 daga ciki, abin da za ta biya a ranar 8,000 ne. Ka duba alat ɗinka na ranar da ka canza, za ka ga ba a cire maka duka adadin layi na biyu ba, an cire abin da ya rage ne bayan an zabge na farkon.

Malam Nura Akawu: Yauwa! Ga cikona ya dawo. Na ce muku 8,000 ciko ne.

Zainab Malali: A tsarin Alhaji ciko ne Malam, na ba ka wannan. A na Anti ba shi ba ne.

Alhaji Ɗanlami: Na duba, haka ne, abin da ya fita bai kai na layi na biyu ba. Amma ga inda na ƙi su. Bayan wata biyu kasuwa ta yi sanyi, na ce a mayar da ni ƙaramin tsari, shi ma a tsakiyar wata. Sai suka ce ai wannan sai wata ya ƙare zai fara aiki, babu ragin ko kwabo. In za ka hau, a ranar za a ƙirga maka kwanaki. In za ka sauka, sai ka jira. Wane irin adalci ne wannan? Ko mai gidan haya a Kasuwar Barci, in ka tashi daga ƙaramin shago ka koma babba ya ƙirga maka kwanaki, ai ranar da ka koma ƙaramin ma ya kamata ya ƙirga.

Zainab Malali: Kamfanoni da yawa haka suke yi, kuma galibi yana rubuce a sharuɗɗan da ake danna amincewa ba a karanta ba. Hujjarsu ita ce ka riga ka sayi watan, kuma ba a rage maka komai sai ya ƙare, kana ci gaba da morar babban tsarin har ranar ƙarshe. Suna kuma gudun masu hawa na kwana biyu su gama babban aiki su sauko. Ban ce hujjar ta gamsar da ni ba. Akwai waɗanda ke ƙirgawa ta ɓangare biyun, su ajiye maka rarar a cire daga kuɗin wata mai zuwa. Abin da zan ce kawai, mai niyyar sauka ya tambaya kafin ya hau.

Alhaji Ɗanlami: Ni dai ban gamsu ba. Rubuta abu a sharaɗi ba ya mai da shi daidai.

Shugaban Zaure: Alhaji a yi haƙuri, maganar sauka a buɗe mata nata zaren, kar tambayar Hajiya ta ɓace. Kuma don Allah kar a kama sunan kamfani ko ɗaya a nan.

Maman Ummi: Bari in ƙara wani abu da Ummi ta tuna min yanzu. Gaskiya ne ranar 11 saƙo ya shigo cewa an canza mana tsari. Amma gudun intanet ɗin bai ƙaru ba ko kaɗan. Yaran shago suna ta ƙorafi, fom ɗaya sai ya yi ta juyawa kwastoma na tsaye. Muka kira, suka ce tsohuwar na'urar da ke bango ba ta ɗaukar sabon gudun, sai an canza ta. Injiniyansu bai zo ba sai ranar 14 da safe, ya sauke tsohuwar ya ɗaura wata, nan take abin ya gyaru. To kwanakin nan uku fa? Na biya su a babban farashi alhali a ƙarami nake.

Abba Kawo: Allahu akbar. Na faɗa muku akwai lauje cikin naɗi.

Zainab Malali: Wannan ita ce tambayar da ke da nama, Anti, ba 8,600 ba. Kwamfutar lissafi ranar da aka danna canji a ofis ta sani, ba ta san ranar da gudun ya iso shagonki ba. Ma'aikacin da ya amsa miki ma abin da ke gabansa ya karanta, shi ya sa ya rufe da cewa in ranar ba 11 ba ce ki yi magana. Ƙofa ce ya bar miki, ki shiga.

Ga abin da za ki nema, kar ki wuce shi kar ki rage. Ranakun 11, 12 da 13, kwana uku. Ba duka kuɗinsu za ki nema ba, don kin yi amfani da intanet a ranakun, a ƙaramin gudu dai. Bambancin kawai: 1,200 a cire 800, naira 400 a rana. Sau uku 1,200, harajinsa 90, ya zama 1,290. Ki rubuta musu adadin da ranakun a saƙo ɗaya. Koken da ya zo da adadi da rana ya fi saurin wucewa a kan wanda ya zo da kun cuce ni, don wanda ya karɓa zai iya tura shi sama yadda yake ba sai ya zauna ya yi miki lissafi ba.

Injiniyan ya ba ki takarda kin sa hannu da ya gama?

Maman Ummi: Ya ba yaron shago, yana cikin durowa. Da kwanan wata a jiki, 14.

Zainab Malali: Ita ce shaidarki. Ki ɗauki hotonta ki haɗa da saƙon. Kuma ki ce a ba ki lambar ƙorafi, kar ki yarda da za mu duba kawai.

Malam Nura Akawu: Kuma kar ki ce a turo miki banki Hajiya, zai daɗe. Ki ce a cire daga na Oktoba, a ba ki takardar ragin a rubuce. Maimakon 38,700 sai ki ga 37,410. Harajin ma dole ya bi kuɗin ya sauka, kar a ba ki 1,200 a manta da 90.

Baban Sadik: Duk wannan dogon zance a kan dubu ɗaya da 'yan kai? Kuɗin Keke Napep zuwa ofishinsu da dawowa ma ya kusa cinye shi.

Maman Ummi: Ba zuwa zan yi ba Baban Sadik, saƙo ne. Kuma takarda nawa kake ganin muke bugawa kafin dubu ɗaya ta zama riba, da tsadar tawada da man janareta?

Alhaji Ɗanlami: Ki nema Hajiya, haƙƙinki ne. Amma kar ki sa rai. Za su ce na'urar ai a shagonki take.

Zainab Malali: Alhaji ya taɓo inda maganar za ta tsaya. Idan na'urar tasu ce, su suka ɗaura ta tun farko, kuma su suka kunna sabon tsari ba su duba ko tana ɗauka ba, to jinkirin nasu ne, a wurinmu ana ba da irin wannan ragin ba gardama. Idan kuwa kwastoma ce ta sayo abarta a kasuwa, ko injiniya ya nemi zuwa ranar 11 aka ce masa ba kowa a shago, sai su ce su sun cika nasu. Akwai kuma masu sharaɗin cewa kuɗi na fara ƙirguwa daga ranar kunnawa ko da me ya faru. Ban ga takardar yarjejeniyar Anti ba, don haka ba zan ce tabbas za a ba ta ba.

Abba, 622 da ka ambata tana nan, kyauta ce, amma ba da ita ake farawa ba. Za su tambaye ka ko ka kai koke wurin kamfanin, su nemi lambar ƙorafin da aka ba ka. Shi ya sa na ce ta karɓi lambar tun yanzu.

Maryam Badarawa: Afuwan na shigo a makare. Ni tambayata ɗaya: in wata mai 31 ne fa? Ina son in ƙara namu na gida cikin Oktoban nan.

Zainab Malali: Sai a raba da 31. Tsarin 24,000 zai kama kusan naira 774 a rana maimakon 800, shi ya sa rasit ɗin irin waɗannan watanni ke zuwa da kwabbai. Wasu kamfanonin kuma kowane wata 30 suke ɗaukarsa, har Fabrairu. Ki tambaye su da wanne suke raba, sannan ki ce su faɗa miki adadin da zai fita a wannan watan, a rubuce, kafin su danna. Ki kuma lura, ba kowa watansa ke farawa ranar 1 ba. In ranar 20 kika fara da su, watanki daga 20 ne zuwa 19, daga nan za ki ƙirga. In kuma ba gaggawa kike ba, ki ce a fara miki ranar da sabon watanki zai kama, rasit ɗaya za ki gani.

Maman Ummi: Na aika musu kamar yadda kuka ce, da hoton takardar injiniya. Shi wannan ma'aikacin ne ya sake amsawa:

> Hajiya, na ga takardar, kuma na ga lissafinki na 1,290, daidai yake idan aka ɗauki 14 a matsayin ranar farawa. Ni ba ni da ikon canza ranar da ke cikin rasit. Na buɗe miki ƙorafi na tura sashen injiniyoyi su tabbatar da dalilin jinkirin, daga nan sashen kuɗi ne zai yanke. Lambar ƙorafin na ƙasan wannan saƙo. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, amma duk abin da aka yanke ni zan sanar da ke kafin a fitar da rasit na Oktoba.

Na'urar dai tasu ce, da tambarinsu a jiki, tsohuwar ma injiniyan ya tafi da ita.

Abba Kawo: Sashe kaza ya tura sashe kaza. Anti ki ajiye lambar nan da kyau, za ki buƙace ta.

Zainab Malali: Ki ƙara musu wannan a ƙarƙashin lambar ƙorafin, Anti, cewa na'urar tasu ce kuma injiniyansu ya tafi da tsohuwar. Sashen kuɗi ba za su sani ba sai an rubuta. In mako ya zagayo ba ki ji komai ba, ki sake tuntuɓarsu da lambar, kar ki buɗe sabon ƙorafi, don sabo bayan layi yake komawa.